Takardar miƙa aiki: Hajiya mai gado na 4, suman miksidima

Zuwa ga likita da ma'aikatan jinya masu aikin dare. Barkanku da aiki.

Hajiya shekararta 74. Shekara 11 da suka wuce aka yi mata aikin maƙoƙo, aka cire tayirod ɗin gaba ɗaya, tun lokacin take kan lebotairoksin. 'Yarta ta ce maganin ya ƙare wata biyar ke nan, ba a sake saya ba tunda ba ta kukan komai. Tushen ciwon ke nan, suman miksidima, wato suman da tsananin ƙarancin sinadarin tayirod ke jawowa. A wasu tsofaffin garkuwar jiki ce ke cinye tayirod, ko a tarar matsalar daga fituwitari take. Amma ƙarancin sinadarin shi kaɗai bai cika kai mutum suma ba, sai wani abu ya tunzura. A nan abu uku ne suka haɗu: sanyin hunturu, ciwon huhu, da maganin barci da aka ba ta a gida saboda tari ya hana ta runtsawa.

An kawo ta ba ta gane mutane, fuska a kumbure, fata a bushe. Zafin jiki 33.8, bugun zuciya 44, sodiyam 121, TSH ya haura 90. Kada rashin zazzaɓi ya ruɗe ku, masu wannan ciwo sau da yawa ba sa yin zazzaɓi ko da cuta ta ci jiki, shi ya sa muka fara maganin ƙwayoyin cuta.

Mun ɗebi jinin kotizol, sannan muka ba ta haidirokotizon miligiram 100 ta jijiya kafin lebotairoksin. A ci gaba duk awa takwas har sakamako ya fito. Dalili shi ne, idan adirinal ɗinta ma ta gaza, sinadarin tayirod zai hanzarta ƙone ɗan kotizol ɗin da ya rage, jini ya faɗi warwas.

Lebotairoksin maikirogiram 200 muka ba ta ta jijiya. Na san a rubuce ana kaiwa 400, amma Hajiya tana da tarihin ciwon ƙirji, zuciyar da ta yi watanni tana tafiyar hawainiya kuwa ba a yi mata bulala. Gobe da safe 50. T3 na ajiye shi tukuna, don ya fi saurin birkita bugun zuciya. Ko kun ga ba ta farka ba, don Allah kada a ƙara mata maganin tayirod cikin dare. Sauƙin yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya bayyana.

A lulluɓe ta da barguna kawai. Ban da jakar ruwan zafi da hita kusa da jiki, jijiyoyin fata za su buɗe jini ya sauka. Ban da maganin barci ko mofin. A duba suga duk awa biyu, sodiyam duk awa shida, kada sodiyam ɗin ya hau fiye da 8 cikin awa 24.

Numfashinta ya fi damuna. Idan ya ragu, ko iskar kabon ta taru a jini, ko bugun zuciya ya rikice, a kira ni ko ƙarfe nawa ne. Na gaya wa 'yarta gaskiya cewa ciwon mai haɗari ne, tana zaune a baranda.