Idan sinadari ya fantsama a ido ko a fata: bayani ga sababbin ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje

Kafin ku taɓa kwalba ko ɗaya a wannan ɗaki, kowa ya je ya ga famfon wanke ido da ke kusa da ƙofar fita, da shawar gaggawa da ke gefensa. Ku buɗe su da hannunku. Daga kowane teburi ya kamata mutum ya isa wurin cikin daƙiƙa 10, don haka kada wanda ya ajiye kwali ko kujera a hanyar. Saboda ɗaukewar ruwa, akwai jarkoki biyu masu lita 25 a ƙarƙashin famfon, ana sake cika su duk Litinin. Ba na alwala ba ne, ba na wankin kwalabe ba.

Idan abu ya shiga ido, a fara da ruwa, ba da neman oga ba. Ka yi ihu a ji ka, ka nufi famfo. Idon zai rufe kansa gam saboda zafi, sai an sa yatsu an buɗe fatarsa ta sama da ta ƙasa, a riƙa juya ƙwayar idon sama da ƙasa, dama da hagu, ruwan ya shiga ko'ina. In da jarka ko kofi ake zubawa, a karkatar da kai, ruwan ya gangara daga wajen hanci zuwa kunne, kada ya kwashi sinadarin ya kai wa ɗaya idon. Mai sanye da gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido ya cire shi yana cikin wankewa. Ban da murzawa.

A wanke na aƙalla minti 15, kuma wani ya duba agogo, domin wanda ke cikin azaba minti uku ma gani yake ya daɗe. In dangin soda ne, irin su NaOH ko KOH ko ruwan amoniya, a kai minti 30 ko fiye. Sababbin ma'aikata sun fi tsoron asid, alhali a ido waɗannan sun fi shi mugunta. Asid yakan daskarar da naman da ya taɓa, hakan ya rage masa shiga ciki. Su kuwa narkar da naman suke yi, su ci gaba da nutsewa ko bayan zafin ya lafa. Duk wanda sinadari ya shiga idonsa sai likita ya gan shi a ranar, ko da ya ce ya warware.

A fata ma ruwa ne, mai yawa, mai gudu, minti 15. Ɗan ruwa kaɗan a kan H2SO4 mai ƙarfi zafi yake haifarwa, shi ya sa ake kwarara shi ba yayyafawa ba. Ana wankewa ana cire duk abin da ya jiƙe: riga, safar hannu, agogo, zobe, takalmi. Rigar da ba ta ciruwa sai ta saman kai, a yanka ta da almakashi, kada ta shafi fuska. A nan ne kunya take cutar da mutane. Hijabi ko mayafin da ya sha asid, muddin yana jiki, yana ci gaba da ƙona mai shi. Maza su fita, mace ta tsaya da 'yar'uwarta. Akwai zane da doguwar riga a akwatin da ke bayan shawar.

In gari ne busasshe, kamar CaO, a kakkaɓe shi tukuna da safar hannu, sannan ruwa. Gutsuren ƙarfen Na ko K kuwa a ɗauke shi da hantsaki, don yana iya kamawa da wuta in ya haɗu da ruwa.

Abubuwa biyu suna yaudara. Fenol yana kashe jin zafi a inda ya taɓa, fatar ta yi fari, yana kuma ratsawa cikin jini. Ana goge shi da ruwan foliyetilin gilaikol, wato PEG 300 ko 400, in babu a kwarara ruwa. Asid ɗin haidurofulorik, wato HF, mai ruwa-ruwa kan yi sa'o'i bai yi zafi ba, alhali yana janye kalsiyam na jiki har ya iya taɓa zuciya. A wanke minti 5, a shafa man kalsiyam gulukonet na kashi 2.5 cikin 100 da safar hannu, a wuce asibiti nan take. Wannan man na fata ne, ba ya shiga ido. Wanda ba a horar ba kada ya buɗe kwalbar HF.

Kada a ce za a kashe asid da soda, ko soda da asid, a jikin mutum. Haɗuwarsu ƙarin ƙuna ce. Haka manja, ɗanyen ƙwai, makilin, zuma ko tozali, duk a bar su. In an gama wankewa, a rufe wurin sako-sako da bandeji mai tsabta, kada a fasa bororo.

Mai rakiya zuwa asibiti ya tafi da sunan sinadarin da takardarsa ta bayanan kariya, wato SDS, wadda sashe na 4 nata ke bayanin taimakon farko. Takardun suna cikin jan fayil a kan teburin shugaban ɗaki. Bayan an dawo a rubuta abin da ya faru a littafin haɗurra, komai ƙanƙantarsa. Ba a hukunta kowa a nan don ya kawo rahoto.