Shawarar daina ɗora fayiloli a sabar da hannu

Zuwa ga: Manajan Darakta da Kwamitin Gudanarwa
Daga: Jagoran masu rubuta manhaja, Sashen Fasaha

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa, ina neman amincewarku mu daina ɗora fayilolin shafin kamfani da hannu a sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, mu miƙa aikin ga tsarin da ke yin sa da kansa. Abin da muke buƙata shi ne lokacin ma'aikata biyu na tsawon mako 4, da ƙaramar sabar guda ɗaya ta gwaji.

Yadda muke yi yanzu

Idan ɗayanmu ya gama gyara, sai ya buɗe manhajar FileZilla, ya shiga sabar ta hanyar aika fayiloli da ake kira FTP, ya tsinto fayilolin da ya taɓa ɗaya bayan ɗaya, ya ja su ya ajiye a kan na da. Mu huɗu ne ke yin haka, da kalmar sirri guda ɗaya, kusan sau 3 a mako. Kowace ɗorawa tana cin kamar minti 40, galibi da dare, don kada abokan ciniki su tarar da shafin rabi sabo rabi tsoho.

Lokacin da ke tafiya ba shi ne babban abin da ke damuna ba. Idan yau kuka tambaye ni, "Wane sigar manhaja ce ke kan sabar?", ba ni da amsar da zan iya rantsewa a kanta. A kan takarda, abin da ke cikin ma'ajiyarmu ta Git, inda muke adana rubutun manhajar, shi ne ke kan sabar. A zahiri kuwa an sha yin gyaran gaggawa kai tsaye a can, ba a dawo da shi ma'ajiya ba. Kun tuna watan jiya da shafin biyan kuɗi ya tsaya na awa 2. An ɗora fayil 11 ne cikin 12, kuma mun kwashe fiye da rabin lokacin muna neman wanda aka bari. Wanda ya yi ɗorawar yana cikin mafi kula a cikinmu. Hannun da ke zaɓen fayiloli ƙarfe 11 na dare, wata rana sai ya tsallake ɗaya, ko na waye.

Irin wannan kuskure ya taɓa durƙusar da babban kamfani. Ranar 1 ga Agusta 2012, Knight Capital, kamfanin hada-hadar hannun jari na Amurka, ya yi asarar kusan dala miliyan 440 cikin kimanin minti 45. Binciken SEC, hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari ta Amurka, ya nuna cewa ma'aikacin da ya kwafa sabuwar manhaja ya sa ta a sabar 7 cikin 8, kuma babu mutum na biyu da ya duba aikin. Harkarmu ba ta kai tasu ba ko kusa, amma hanyar aikin iri ɗaya ce.

Ga kuma batun tsaro. FTP ya samo asali tun 1971, kuma yana aika sunan mai shiga da kalmar sirrinsa a fili, ba tare da an ɓoye su ba. A 2021 Chrome da Firefox duk suka cire shi daga burauzarsu. Tun da kalmar sirrin tamu ta tarayya ce, ba mu da hanyar sanin wa ya canza me, kuma ba a sauya ta ba tun bayan tafiyar abokin aikinmu a bara.

Abin da nake ba da shawara

Ma'ajiyarmu tana kan GitLab, kuma GitLab CI, tsarin da ke gwaji da ɗorawa da kansa, yana cikinsa tun asali, ba mu kunna shi ba ne kawai. Idan aka kunna, mai gyara zai tura aikinsa ma'ajiya, wani abokin aiki ya karanta ya amince. Daga nan na'ura ta karɓa. Za ta gudanar da gwaje-gwajen da muka rubuta, in ɗaya ya faɗi ta tsaya ta sanar da mu. In duk sun wuce, ta ɗora manhajar a sabar gwaji don mu gani da idonmu. Ɗorawa a sabar da jama'a ke amfani da ita kuwa sai mutum mai izini ya danna maɓalli. Na bar wannan matakin a hannun mutum da gangan, aƙalla a shekarar farko.

Sashen da ya fi burge ni shi ne komawa baya. Kowace siga za ta sauka cikakkiya a jakarta ta daban, ta hanyar SSH mai ɓoye bayanan da ake aikawa, sannan a juya alamar da ke nuna wa sabar wadda za ta yi amfani da ita. Idan siga ta 42 ta zo da matsala, umarni ɗaya ya isa a koma ta 41:

```
ln -sfn /var/www/releases/41 /var/www/current
```

Za mu riƙa ajiye siga 5 na baya-bayan nan. Da wannan tsarin muke da shi watan jiya, da tsaikon bai wuce 'yan mintuna ba, kuma da wuya ma ya faru, tun da na'ura ba ta zaɓen fayiloli, duka take kwashewa. Kowace ɗorawa kuma za ta bar tarihi: wanda ya rubuta, wanda ya amince, wanda ya danna, da ƙarfe nawa. Masu binciken asusun kamfani sun tambaye mu wannan a bara, muka rasa abin nuna musu.

Inda za a iya samun cikas

Na'ura tana ɗora kuskure da saurin da take ɗora gyara. Kariyarmu ita ce gwaje-gwaje, kuma gaskiya namu ba su da yawa. Don haka kusan rabin lokacin da na nema zai tafi ne wajen rubuta su, musamman na shiga asusu da na biyan kuɗi.

Canje-canjen rumbun bayanai ba sa komawa baya da sauƙi kamar fayiloli. Za mu riƙa ɗaukar kwafin rumbun kafin kowane irin wannan canji. Mabuɗin shiga sabar kuma zai zauna a ma'adanar sirri ta GitLab, da izinin da bai wuce jakar shafin ba.

Wasu cikinmu za su ji kamar an ɗaure musu hannu, don gyaran harafi ɗaya ma sai ya bi layi. Ni ma zan ji hakan ranar da ake gaggawa. Babu wanda aikinsa zai salwanta, ɗorawar dare ce kawai za ta ƙare.

Jadawali

A mako na farko za mu kwatanta abin da ke sabar da abin da ke ma'ajiya, mu daidaita su. Ina zaton a nan za mu sha mamaki. Mako na biyu da na uku na gwaje-gwaje ne da sabar gwaji, kuma za mu fara da shafin ma'aikata na cikin gida, wanda in ya faɗi abokin ciniki ba zai gani ba. A mako na huɗu babban shafi zai koma sabon tsari. Tsohuwar hanya za ta zauna a buɗe mako 2 bayan haka saboda ko-ta-kwana, sannan a rufe FTP gaba ɗaya. Cikin wannan wata sababbin ayyukan da aka nema daga sashenmu za su ɗan jinkirta, ban da gyaran gaggawa.

Bayan wata 3 zan kawo muku rahoton yawan ɗorawa, nawa suka samu matsala, da tsawon lokacin da gyaran kowacce ya ɗauka.

Ina roƙon a sa wannan batu cikin ajandar zaman kwamiti mai zuwa. In an ba ni minti 10, zan nuna muku ɗorawa da komawa baya a kan allo.

Na gode.

Jagoran masu rubuta manhaja
Sashen Fasaha