Sanarwa ga manema labarai: Mun janye man gyaɗa mai lamba 0318 daga kasuwa

Kano, 14 ga Afrilu

Hukumar gudanarwar kamfaninmu na tatsar man gyaɗa da ke Sharaɗa tana sanar da jama'a cewa ta janye dukkan jarkokin lita 5 masu lambar rukuni 0318. Lambar tana jikin takardar jarka, ƙasan ranar da aka ɗura man.

A makon jiya wata baiwar Allah ta saki bidiyo tana nuna man da ta saya, ta ce yana wari, kuma ƙosan da ta soya da shi yana maƙaƙi a wuya. Gaskiya ta faɗa. Mun je har gida mun karɓo jarkar, mun gwada man tare da wasu da muka ɗebo daga shagunan kasuwar Singa da Dawanau. Abin da muka tarar shi ne, injin da ke liƙe bakin jarka ya samu matsala ranar 18 ga Maris, wasu murafan ba su kama ba. Iska ta riƙa shiga, ga zafin bazara, man ya lalace tun kafin wa'adinsa. Laifin daga masana'antarmu yake, ba daga 'yan kasuwa ba, kuma muna ba kowa haƙuri.

Duk wanda ke da jarka mai wannan lamba ya daina amfani da ita, ya mayar inda ya saya. Za a ba shi kuɗinsa cif ko a canza masa wata, ko da ya ci rabi, kuma ba sai da rasit ba. Dillalai su tara jarkokin wuri ɗaya, motocinmu za su fara zagayawa daga gobe, asarar kuma tana wuyanmu. Mun rubuta wa hukumar NAFDAC, ƙofar masana'anta a buɗe take ga jami'anta.

Akwai kuma saƙon murya da ke yawo a WhatsApp, wai muna gauraya man da wani abu, wai har an kwantar da yara a asibiti. Ba ma gauraya manmu da komai, kuma zuwa yanzu babu rahoton rashin lafiya da ya iso gare mu. Wanda ya ji ba daidai ba bayan cin abincin da aka yi da wannan man, ya fara ganin likita, sannan ya kira lambar da ke jikin jarkar.

Masu zagin matar da ta yi bidiyon da sunan kare mu, don Allah su bari. Ba mu aike su ba. Ba don ita ba, da har yanzu jarkokin suna kasuwa.

An gyara injin, kuma yanzu ana kifa kowace jarka a duba ko tana yoyo kafin a loda ta. Ranar 28 ga Afrilu za mu fito da bayanin adadin da aka dawo da shi.

Sa hannu: Manajan Darakta