Wasiƙa zuwa ga Manajan Kuɗi: takardun farashin ciniki tsakanin kamfanoni masu alaƙa

Kano, 10 ga Fabrairu, 2025

Yallaɓai Manaja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na kammala duba lissafin shekarar 2024 da ka aiko, kuma akwai aikin da nake so mu fara tun wannan makon, ba sai watan Yuni ya matso ba.

A bara kun sayi ɗanyen roba na naira biliyan 1.25 daga kamfanin da ke Dubai, kun biya shi miliyan 110 kuɗin taimakon gudanarwa, sannan miliyan 40 ta tafi hayar sito a Sharaɗa, wanda mallakar wani kamfanin Alhaji ne. Jimilla biliyan 1.4. Tunda mutum ɗaya ne, wato Alhaji, ke iko da kamfaninku da waɗannan biyun, Dokokin Farashin Ciniki Tsakanin Masu Alaƙa na 2018 sun hau kanku. Hukumar tara harajin tarayya, FIRS, tambaya ɗaya take yi: da baƙo ne ya sayar muku, wannan farashin za ku biya? Idan ta ga an kumbura shi har ribar Nijeriya ta ragu, za ta gyara lissafin ta caji haraji a kan bambancin. Hayar siton ma tana ciki, don dokar ba ta ware cinikin cikin gida ba.

Fom biyu ne. TP Declaration shi ke bayyana su wane ne masu alaƙa da ku; kun cike shi tun tuni, sai dai sabon daraktan da aka naɗa a bara canji ne da dole a sanar. TP Disclosure kuwa na kowace shekara ne, yana lissafa cinikin da aka yi da su, kuma wa'adinsa wata shida bayan rufe littafi, wato 30 ga Yuni, 2025.

Babban aikin shi ne kundin hujja, kuma a nan nake so ka ba ni hankalinka. Kamfanin da cinikinsa da masu alaƙa bai kai miliyan 300 ba yana iya jira sai hukuma ta nema, a ba shi kwana 90. Ku kun wuce nan da nisa. Dole kundinku ya kasance a shirye kafin ranar miƙa takardun harajin shekara, kuma in wasiƙar hukuma ta zo, kwana 21 kawai gare ku. A kwana 21 ba a samo yarjejeniya daga Dubai, a nemo kamfanonin da za a kwatanta da su, a rubuta bayani mai tsayuwa. Tarar rashin miƙawa naira miliyan 10 ce ko kashi 1 cikin 100 na darajar cinikin, duk wanda ya fi yawa, da ƙarin dubu 10 kowace rana. A wajenku miliyan 14 ke nan tun kafin a taɓa maganar harajin kansa.

Kundin kashi biyu ne. Na farko yana bayanin rukunin kamfanonin gaba ɗaya: wa ya mallaki wa, ina ake samun riba. Na biyu naku ne kaɗai: kowane ciniki, aikin da kowane ɓangare ya yi, kadarar da ya sa, asarar da ya ɗauki nauyinta, da hanyar da aka bi aka tsayar da farashi. Robar ba ta tayar mini da hankali sosai, domin na ga a watan Agusta kun sayi kwantena biyu iri ɗaya daga wani dillali a Legas da ba ku da alaƙa da shi, kuma rasitansa za su yi mana ma'auni.

Miliyan 110 ɗin nan ce damuwata. Abin da na tarar a fayil takarda ɗaya ce mai layi biyu, an rubuta kuɗin gudanarwa, an buga hatimi. Jami'in bincike zai tambayi wane aiki aka yi, wa ya yi shi, yaushe, kuma me ya amfana muku. In babu amsa a rubuce, zai iya ƙin amincewa da kuɗin a cikin abin da ake cirewa kafin haraji. Don Allah ka tattaro saƙonnin imel, rahotannin injiniyoyin da suka zo gyaran injin, tikitin jirginsu, da lissafin yadda aka kai ga wannan adadi. Abin da babu shi kada a ƙirƙiro shi da tsohuwar kwanan wata. Gara mu san raunin mu gyara yarjejeniyar bana.

Rahoton da ke rarrabe lissafin rukuni ƙasa bayan ƙasa bai shafe ku ba, sai rukunin da kuɗin shigarsa ya kai biliyan 160. Takardun kuma a adana su shekara shida.

Ina so yarjejeniyoyin uku da rasitan Legas su iso ofishinmu kafin ƙarshen wannan wata, sai mu zauna da kai da akanta a makon farko na Maris. Ka sanar da Alhaji tun yanzu, don sai da umarninsa mutanen Dubai za su saki nasu takardun.

Na gode. Allah ya taimaka.

Naka,
Mai ba ku shawara kan haraji