Tsarin Gwaji: Tasirin Yawan Takin NPK a Kan Girman Masara Cikin Mako 6

Tambayar da wannan gwaji zai amsa ita ce: idan aka ƙara yawan takin zamani na NPK 15-15-15 a tukunyar shuka, shin masara za ta yi ta ƙara girma ne, ko akwai iyakar da ƙarin zai fara cutar da ita? An rubuta wannan tsari kafin a binne ƙwaya ko ɗaya, domin kada a gyara hasashe bayan an ga sakamako.

Hasashe

Hasashenmu shi ne: masarar da aka sa wa giram 2 ko giram 4 na takin za ta fi wadda ba a sa wa komai ba nauyi da tsawo a ƙarshen mako 6, mai giram 4 za ta fi mai giram 2, amma mai giram 12 ba za ta kai mai giram 4 ba.

Lambobin da ke jikin buhun na nufin kashi 15 cikin 100 na nauyin takin naitirojin ne, sauran biyun kuma na fosfet da fotash ne, kowanne kashi 15. Ke nan giram 2 na ɗauke da giram 0.3 na naitirojin, giram 4 na da 0.6, giram 12 kuma 1.8. Da naitirojin shuka ke gina furotin da sinadarin da ke sa ganye kore, wanda da shi take sarrafa hasken rana ta yi abincinta. Fosfaros na taimakon saiwa, fotashiyam kuma na cikin aikin buɗewa da rufewar ƙofofin ganye. Saboda haka muke sa ran ƙari a giram 2 da giram 4.

Kashi na ƙarshe na hasashen ya fi jan hankalinmu. Yawancin abin da ke cikin takin NPK gishiri ne a tsarin sinadarai. Idan ya yi yawa a ƙasa kaɗan, ruwan da ke kewaye da saiwa yakan yi kauri da gishiri, shi kuwa ruwa yana tsallakawa ne zuwa ɓangaren da narkakken abu ya fi yawa. Sai saiwa ta kasa shan ruwa ko da ƙasar a jiƙe take, bakin ganye ya ƙone, girma ya tsaya. Mun saka giram 12 da gangan don mu ga ko za a kai wannan matsayi.

Kishiyar hasashen ita ce: yawan taki ba zai kawo wani bambanci ba, duk abin da aka gani tsakanin rukunoni irin bambancin da ake samu ne tsakanin shuka da shuka. Mun kuma yarda tun yanzu cewa idan rukunin da ba taki ya yi kunnen doki da mai giram 4, ko mai giram 12 ya fi kowa, hasashenmu ya faɗi, kuma haka za mu rubuta a rahoto. Ba mu ce "taki na taimakon shuka" kawai ba, domin irin wannan magana babu awon da zai iya ƙaryata ta.

Abin da za a sauya

Abu ɗaya tak za mu sauya da hannunmu: yawan takin da ke cikin kowace tukunya. Matakansa 4 ne, giram 0, 2, 4 da 12. Kowane mataki na da tukwane 6, jimla 24. Tukunya ɗaya a kowane mataki ba ta isa ba, don ƙwaya mai rauni ko tsutsa ɗaya na iya juya sakamakon gaba ɗaya. Za a sa takin sau ɗaya, kwana 10 bayan tsirowa, a binne shi a kewaye, santimita 5 daga kara. Mun jinkirta ne saboda a kwanakin farko tsiron na cin abin da ke ajiye cikin ƙwayarsa.

Abin da za a auna

Babban ma'auninmu shi ne busasshen nauyin kara da ganye, a giram. A rana ta 42 bayan tsirowa za a yanke kowace shuka daidai fuskar ƙasa, a busar da ita a tanda a zafin digiri 70 na ma'aunin Salsiyas har awo biyu a jere su ba da lamba ɗaya. Mutane da yawa kan tsaya a tsawo, mu kuwa ba mu amince da shi shi kaɗai ba. Shukar da haske bai ishe ta ba takan miƙe siririya, ta fi 'yan uwanta tsawo alhali ta fi su rauni. Ɗanyen nauyi kuma ya danganta da ruwan da ta sha a ranar. Busasshen nauyi ne ke nuna abin da shukar ta gina da gaske.

Duk da haka za a riƙa auna tsawo sau ɗaya a mako, da safe, daga fuskar ƙasa zuwa wuyan ganye na sama da ya gama buɗewa, a kuma ƙirga ganyaye. Launin ganye za a rubuta shi a matsayin abin lura: rawaya da ke farawa daga tsinin tsofaffin ganyen ƙasa tana bin tsakiyarsu alamar ƙarancin naitirojin ce, ƙunar da ke bin gefen ganye kuma na iya zama ta ƙarancin fotashiyam ko ta gishirin da ya yi yawa.

Abubuwan da ba za su sauya ba

Iri ɗaya ne daga jaka ɗaya, an tsince ƙanana da fasassu. Masara muka zaɓa, ba wake ba, domin ƙwayoyin bakteriya da ke zama a saiwar wake na samo masa naitirojin daga iska, wanda zai rufe bambancin da muke nema. Za a tankaɗe ƙasar, a cakuɗa ta wuri ɗaya, sannan a auna kilo 3 a kowace tukunya. Ƙasa ce mai yashi wadda ba a sa mata taki ba, don idan da ma tana da ƙarfi, rukunin da ba taki ma zai yi kyau. Tukwanen girmansu ɗaya da huda 4 a gindi. Za a binne ƙwaya 3 a zurfin santimita 3, a bar tsiro ɗaya bayan mako guda.

Ruwa na bukatar kulawa ta musamman. Kowace tukunya za ta sha mililita 200 kowace safiya daga mazubi ɗaya. Idan shukokin sun girma har ya zama dole a ƙara, za a ƙara wa duka 24 a rana ɗaya. Kowace tana da faranti a ƙarƙashinta, kuma ruwan da ya tsiyaya za a mayar mata, kada takin ya wanke ya fita ko ya shiga tukunyar maƙwabciya.

Haske da zafi ba sa daidaituwa a ko'ina kan benci. Don haka ƙuri'a ce za ta ba kowace tukunya wurinta, a sake jefa ta duk mako. Lamba kawai za a rubuta a jikin tukwane, takardar da ke nuna wace lamba ce ta wane mataki kuma tana hannun wanda ba ya awo.

Rukunin kwatance

Tukwane 6 masu giram 0 su ne rukunin kwatance. Komai nasu daidai yake da na saura, har tonon da ake yi don binne taki za a yi musu, a mayar da ƙasar ba tare da an zuba komai ba. Da su za a gane girman da ƙasa, ruwa da rana suka bayar ba taki. A ƙarshe za a fitar da matsakaicin nauyin kowane rukuni, a rubuta mafi ƙanƙanta da mafi girma kusa da shi. Shukar da ta mutu ba za a maye gurbinta ba, za a rubuta lambarta da ranar da ta mutu da alamun da aka gani a jikinta.