Tambayoyin Gwaji a kan Lissafin Magani da Gudun Ƙarin Ruwa ga Ɗaliban Jinya na Shekarar Ƙarshe

Wannan takarda ta bita ce ga ɗaliban da za su zauna jarrabawar Hukumar Kula da Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya. Tambayoyi tara ne, kuma an ware musu minti 40. A amsa su duka kafin a duba amsoshin da ke ƙasa, a nuna kowane mataki na aiki, a kuma rubuta ma'auni kusa da kowace lamba, domin amsar da ta ce “7.5” kawai ba tare da ta faɗi ko miligiram ko mililita ba ce, ba za ta samu maki ba. Adadin magungunan da ke cikin tambayoyin na koyon lissafi ne. A ɗakin marasa lafiya, umarnin likita da abin da aka rubuta a jikin maganin su ne abin bi.

Ƙa'idoji biyu ne za su ɗauki kusan dukan aikin:

```
ml = (mg da aka rubuta ÷ mg da ke hannu) × ml da ke ɗauke da shi
ɗigo a minti = (ml × ɗigo a ml 1) ÷ mintuna
1 g = 1000 mg     1 mg = 1000 mcg     1 L = 1000 ml
```

TAMBAYOYI

1. An rubuta wa wani dattijo mai ciwon zuciya digoksin miligiram 0.25 sau ɗaya a rana. Ƙwayoyin da aka kawo daga ɗakin magani kowace ɗaya maikirogiram 125 ce. Ƙwaya nawa za a ba shi?

2. Yaro mai nauyin kilo 12 yana fama da zazzaɓi, an rubuta masa farasitamol miligiram 15 a kan kowane kilo, duk bayan awa 6. Maganin na ruwa ne, mai miligiram 120 a cikin mililita 5. Mililita nawa zai sha a kowane lokaci, kuma kwana nawa kwalba mai mililita 60 za ta yi masa?

3. Jariri ɗan kwana uku mai nauyin kilo 3.2 zai karɓi jentamaisin miligiram 5 a kan kowane kilo, sau ɗaya a rana. Kwalbar allurar tana da miligiram 80 a cikin mililita 2. Mililita nawa za a zuƙa, kuma da wane irin sirinji?

4. An kwantar da yarinya mai kilo 14 da mahaifiyarta mai kilo 55, dukansu da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, kuma za a yi musu allurar atisunat ta jijiya. Yaron da bai kai kilo 20 ba ana ba shi miligiram 3 a kan kowane kilo, wanda ya kai kilo 20 zuwa sama kuma miligiram 2.4. Kowace kwalba miligiram 60 ce, ana narkar da ita da mililita 1 na ruwan bayikabonet, sannan a ƙara mililita 5 na ruwan gishiri. A lissafa mililitar da kowaccensu za ta samu a allurar farko, da yawan kwalaben da za a haɗa wa kowacce.

5. Wata mai juna biyu ta iso ɗakin haihuwa tana jijjiga. An ba da umarnin a yi mata magnisiyam salfet giram 4 ta jijiya, a ƙarfin kashi 20 cikin 100. Abin da ke cikin kabad mai ƙarfin kashi 50 cikin 100 ne. Mililita nawa za a zuƙa na maganin, kuma mililita nawa na ruwan haɗa allura za a ƙara?

6. Za a ƙara wa wata mata jini mililita 450 cikin awa 3, da robar da ke ba da ɗigo 15 a mililita ɗaya. Ɗigo nawa za a saita a minti?

7. Yaro ɗan shekara 2 mai kilo 10 ya zo da amai da gudawa, idanunsa sun faɗa, ba ya iya shan komai. Bisa tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya kai shekara ɗaya ana ba shi ruwan Ringa laktet mililita 30 a kan kowane kilo cikin minti 30, sannan mililita 70 a kan kowane kilo cikin awa biyu da rabi. Robar tana ba da ɗigo 20 a mililita ɗaya. A lissafa yawan ruwa da gudun ɗigo na kowane zango.

8. An rataya ledar ruwa mai mililita 500 da ƙarfe 2:15 na rana, tana sauka ɗigo 25 a minti, da robar ɗigo 20. Da ƙarfe nawa za ta ƙare?

9. An ɗora wa wani magidanci mai shekara 68, wanda yake da raunin zuciya, ruwan gishiri lita 1 da zai shiga cikin awa 8, da robar ɗigo 20. (a) Ɗigo nawa ya kamata a saita tun farko? (b) Bayan awa 5 aka tarar da saura mililita 600. Mililita nawa ya kamata a ce ya rage? (c) Wane gudu ne zai ƙarar da ragowar a kan lokaci, kuma mene ne ya dace ma'aikacin jinya ya yi?

AMSOSHI DA BAYANI

1. Miligiram 0.25 daidai yake da maikirogiram 250, kuma 250 ÷ 125 = 2. Ƙwaya 2. Wanda ya raba 0.25 da 125 bai mayar da ma'aunan iri ɗaya ba tukuna.

2. 15 × 12 = miligiram 180. Sannan (180 ÷ 120) × 5 = mililita 7.5. Sau huɗu a yini ya zama mililita 30, don haka kwalbar kwana 2 za ta yi. Tun kafin a taɓa biro ana iya ƙiyasta amsar: 180 ya fi 120 amma bai kai ninkinsa ba, ke nan amsar tana tsakanin mililita 5 da 10. Duk wanda ya saba da irin wannan ƙiyasi da wuya ya rubuta 75 ko 0.75 ya wuce bai tsaya ba.

3. 5 × 3.2 = miligiram 16. (16 ÷ 80) × 2 = mililita 0.4, kuma da sirinjin mililita 1 za a zuƙa, saboda shi ne yake da ƙananan layukan da za su nuna wannan adadi daidai. A lura da sifilin da ke gaban ɗigon lissafi. Idan aka rubuta “.4” ɗigon zai iya ɓacewa a takardar magani, mai karɓar aiki ya karanta 4, wato miligiram 160, ninki goma na abin da jaririn yake buƙata, a maganin da yawansa ke lalata ƙoda da ji. Haka kuma ba a rubuta “4.0” a wurin 4, don kada a karanta 40.

4. Nan ne ɗalibai suka fi zubar da maki, domin sukan manta da mililita ɗayan bayikabonet su raba 60 da 5. Ruwan da ke cikin kwalbar 1 + 5 ne, wato mililita 6, don haka kowace mililita tana ɗauke da miligiram 10. Yarinyar: 3 × 14 = miligiram 42, mililita 4.2, kwalba 1. Mahaifiyar: 2.4 × 55 = miligiram 132, mililita 13.2. Kwalba biyu miligiram 120 kawai za su bayar, saboda haka sai an haɗa 3. Abin da ya rage a kwalba ba a ajiye shi don allurar bayan awa 12, domin atisunat ɗin da aka haɗa ba ya jimawa. Ana zubar da shi a haɗa sabo.

5. Kashi 50 cikin 100 yana nufin giram 50 a cikin mililita 100, wato rabin giram a kowace mililita. 4 ÷ 0.5 = mililita 8 na maganin. Kashi 20 cikin 100 kuwa giram 0.2 ne a mililita, don haka giram 4 sai ya kasance cikin mililita 20. 20 − 8 = mililita 12 na ruwan haɗa allura. Wanda ya ƙara 20 a kan 8 ya samu mililita 28, maganin ya yi ruwa fiye da umarnin. Ana tura shi a hankali cikin mintuna, ana lura da numfashinta.

6. (450 × 15) ÷ 180 = 37.5. Ba a ƙirga rabin ɗigo, sai a saita 38 a minti. Lambar ɗigon a jikin ledar robar ake karanta ta, ba a zato, domin ba duk robobin jini ne masu 15 ba.

7. Zangon farko: 30 × 10 = mililita 300, kuma (300 × 20) ÷ 30 = ɗigo 200 a minti. Zango na biyu: 70 × 10 = mililita 700, awa biyu da rabi minti 150 ne, (700 × 20) ÷ 150 = 93.3, wato ɗigo 93. Ɗalibai da dama sukan ga 200 su tsorata su soke amsar da take daidai. Lambar tana da girma ne saboda yaron yana bakin mutuwa don rashin ruwa a jiki. Ido ba ya iya ƙirga ɗigo 200, shi ya sa ake yin alama da biro a jikin leda inda mililita 300 za ta tsaya, a zauna kusa da yaron ana duba ruwan da agogo da bugun jininsa tare.

8. 500 × 20 = ɗigo 10,000, kuma 10,000 ÷ 25 = minti 400, wato awa 6 da minti 40. Ruwan zai ƙare da ƙarfe 8:55 na dare. Na'urar lissafi za ta nuna 6.67, amma wannan ba awa 6 da minti 67 ba ne. Wannan 0.67 ɗin kashi biyu cikin uku na awa ne, wato minti 40.

9. (a) (1000 × 20) ÷ 480 = 41.7, wato ɗigo 42. (b) Mililita 125 ke shiga a awa, cikin awa 5 ya kamata 625 ta shiga, saura 375. Ruwan ya yi baya da mililita 225. (c) (600 × 20) ÷ 180 = 66.7, wato ɗigo 67, ƙarin kusan kashi 60 cikin 100 a kan gudun farko. Rabin makin wannan sashe ne kawai ke kan lambar. Mai raunin zuciya idan aka kwarara masa ruwa haka, ruwan zai iya taruwa a huhunsa numfashi ya gagare shi. Cikakkiyar amsa ita ce a fara neman abin da ya rage gudun: ko robar ta lanƙwashe, ko hannun ya kumbura saboda allurar ta fita daga jijiya, ko ledar ta yi ƙasa. Sannan a auna bugun jini da numfashi, a rubuta ainihin abin da ya shiga a takardar shigar ruwa da fitarsa, a sanar da likita, kuma kada a ƙara gudu ya wuce ɗigo 42 sai da sabon umarni a rubuce.