Wasiƙa Game da Sakamakon Awonki na Mako Goma

Hajiya Rabi,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga damuwarki ranar Asabar da ma'auni ya sake nuna kilo 78, alhali ƙugunki ya ragu daga santimita 96 zuwa 91.

Ma'auni yana haɗa nauyin ƙashi, ruwa, tsoka da kitse ne a lamba ɗaya. Tun da kika fara ɗaga ƙarfe, kitsen ciki yana raguwa, tsoka kuma tana ƙaruwa tare da ruwan da take riƙewa, kuma kilo ɗaya na tsoka bai kai kilo ɗaya na kitse cin wuri ba. Raguwar ƙugun ta fi faranta mini rai, domin kitsen ciki yana da alaƙa da ciwon suga da hawan jini.

Don Allah kada ki rage abinci. Za mu sake awo bayan mako huɗu.

Naki mai horarwa,
Sani